Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Ku Gwada Umarninku Kafin Ku Ƙone Kiredit

Yau za mu yi magana ne a kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, waɗanda ake rubuta musu umarni su fito da hoton abin da aka bayyana. Da yawa daga cikinku sun taɓa gwada su, kuma sun san yadda abin yake ƙarewa. Ka rubuta, hoto ya fito ba yadda kake so ba, ka gyara, ka sake dannawa, kafin ka ankara manhaja ta ce kiredit ɗinka ya ƙare. Ga aiki bai kammala ba, ga babu kuɗin sayen wani.

Maganin wannan shi ne a raba aikin gida biyu. Da farko a gwada umarnin da hotuna masu araha, marasa tsafta sosai, har sai an tabbatar manhajar ta fahimci abin da ake nufi. Bayan nan ne za a biya kuɗin hoto mai cikakken inganci. Tela ma da ya samu sabon ɗinki ba ya fara sa almakashi a shadda mai tsada, sai ya gwada a takarda ko a yadi mai araha. Amma hoton gwaji yana da abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa, kuma akwai wani tarko a tsakaninsa da hoton ƙarshe. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa wani hoton ya fi wani tsada?

Kiredit kuɗin aikin kwamfuta ne. Hoton ba a cikin wayarka ake zana shi ba, ana zana shi ne a manyan kwamfutocin kamfanin, kuma gwargwadon aikin da suka yi maka, gwargwadon abin da za a cire. Abu biyu ne suka fi ƙara wannan aiki.

Na farko girman hoto. Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Hoto mai faɗin fiksel 512 da tsawon 512 yana da ɗigo 262,144. Idan aka mayar da shi 1024 da 1024, ɗigon ya zama 1,048,576. Ku lura, gefe ya ninka sau biyu ne kawai, amma ɗigon ya ninka sau huɗu, kamar dai yadda kuka koya a lissafin faɗin fili.

Na biyu yawan zagaye. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji suna farawa ne da hargitsin ɗige-ɗige, irin wanda ke cika tsohuwar talabijin idan tasha ta ɗauke. Daga nan sai su riƙa share hargitsin kaɗan-kaɗan, suna bin umarnin da aka ba su, har siffa ta bayyana. Kowace sharewa zagaye ɗaya ce, kuma a manhajar da ke nuna ta za ku ga an rubuta `steps`. Zagayen farko-farko su ne ke yanke manyan abubuwa, wato ina mutum zai tsaya, ina sama, ina ƙasa, wane launi ne zai rinjaya. Na ƙarshe-ƙarshe kuma su ne ke gyara gashin ido, saƙar yadi da jijiyar ganye. Wannan ne ya sa gwaji yake da amfani: tsarin hoto yakan bayyana tun kafin a kashe kuɗin ƙawata shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kamfanoni da kansu sun tanadi wannan hanya. A shekarar 2025 Midjourney ya fito da `Draft Mode`, wanda ya ce yana cin rabin kuɗin hoto na yau da kullum, kuma ya fi shi sauri kusan sau goma. A shekarar dai OpenAI ya fitar da `gpt-image-1` mai matakan inganci uku, `low` da `medium` da `high`. A farashin da aka fara da shi, na tsakiya ya kai kusan ninki huɗu na na ƙasa, na sama kuwa kusan ninki goma sha biyar. Farashi yakan canza, don haka ku duba na manhajarku, amma tazarar ita ce abin lura: kuɗin hoto ɗaya na ƙarshe zai iya saya muku gwaji fiye da goma.

Abin da gwaji ke nunawa, da abin da yake ɓoyewa

Hoton gwaji yana amsa tambaya ɗaya ce: shin manhajar ta ji abin da muka ce? Don haka a cikinsa za ku duba yawan mutane, irin tufafinsu, wurin da suke, inda kowa ya tsaya, daga ina haske ya fito, da ko an bar filin da za a sa rubutu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure a gwaji, kada ku sa ran tsada za ta gyara shi. Hoto mai inganci zai ba ku kuskuren nan ne dai, sai dai ya fito tas.

Abin da gwaji ba ya iya faɗa muku shi ne ƙananan abubuwa. Fuskar da ke nesa takan fito a dame, yatsu su haɗe, ganye ya zama kamar an shafa fenti. Wannan ba laifin umarninku ba ne, ɗigo ne ko zagaye bai isa ba. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta ƙara kalmomi irin su kyakkyawar fuska da yatsu biyar, yana ƙone kiredit a kan abin da ba a nan ake gyara shi ba.

Ga hanya mai sauƙi ta bambancewa. Ku ajiye wayar a kan tebur, ku ja da baya taku biyu, ku kalli hoton. Duk kuskuren da kuke iya gani daga nan, na umarni ne, a gyara shi yanzu. Wanda kuwa sai kun buɗa hoton da yatsu biyu kuke ganinsa, ku bar shi sai matakin ƙarshe.

Rage inganci ma yana da iyaka. Kowace manhaja akwai girman hoton da aka horar da ita a kai. Stable Diffusion 1.5, wanda ya fito a 2022, ya saba da 512 da 512, SDXL na 2023 kuma ya saba da 1024 da 1024. Idan aka tilasta wa SDXL ya zana hoton da ya yi ƙasa sosai da abin da ya saba, siffofi sukan karkace, launi ya lalace, sai ka ɗauka umarninka ne bai yi ba alhali girman ne. A irin wannan hali gara a bar girman yadda yake, a rage zagaye, misali daga 30 zuwa 15. Idan kuma manhajarku tana da maɓallin gwaji nata, shi ya fi dacewa ku yi amfani da shi.

Mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe

A ce ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarku za ta buga mujallar ƙarshen shekara, jigonta kuwa dashen itatuwa. Ana son hoton bango. Malamar da ke kula da ƙungiyar ce ke riƙe da asusun, tunda yawancin waɗannan manhajoji suna da ƙa'idar shekaru, kuma ta sayo kiredit 100. Mu ɗauka, don misali kawai, gwaji yana cin kiredit 1, matsakaici 4, na ƙarshe 15. Idan aka tafi kai-tsaye ga na ƙarshe, hotuna shida kacal za a samu, a rage da kiredit 10 da ba za su sayi na bakwai ba.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, sai a tsayar da siffar hoton. Bangon mujalla a tsaye yake, tsawonsa ya fi faɗinsa, don haka a zaɓi 2:3 tun daga gwajin farko. A Midjourney ana rubuta `--ar 2:3` a ƙarshen umarni, a wasu kuma zaɓa ake yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuka yi gwaji da hoto mai gefe daidai, sannan kuka koma mai tsaye a ƙarshe, manhajar za ta sake jera komai, gwajinku ya tashi a banza.

Yawancin manhajojin sun fi jin Turanci, shi ya sa za mu rubuta umarnin da shi. Ga na farko:

```
students planting a tree at school
```

A fitar da gwaji huɗu, kiredit 4 ke nan. Me ya sa huɗu? Domin hoto ɗaya yana iya dacewa ko ya ɓaci bisa sa'a kawai, amma abin da ya maimaitu a uku cikin huɗu, umarnin ne ya kawo shi. Abin da ake yawan samu da irin wannan gajeren umarni shi ne yara masu lakataya, a kan koriyar ciyawa, bayansu ginin da bai yi kama da na garinku ba. Dalili kuwa, manhajar ta koyi zane ne daga hotunan intanet, kuma duk gurbin da kuka bari sai ta cike shi da abin da ta fi gani. Ba ku faɗi wuri ba, ba ku faɗi tufafi ba, ba ku faɗi irin itacen ba.

A zagaye na biyu sai a cike waɗannan gurabe:

```
three Nigerian schoolgirls in white hijab and blue uniform planting a neem seedling, sandy school yard
```

Wato 'yan mata uku masu farin hijabi da shuɗin yunifom suna dasa ɗan dogon yaro a filin makaranta mai yashi. A ce gwaji huɗun sun fito, wuri ya yi daidai, amma a biyu daga ciki hijabin ne ya zama shuɗi, rigar ta zama fara. Wannan sananniyar matsala ce: idan launi biyu da kaya biyu suka haɗu a jimla ɗaya, manhaja takan rikita wane launi ne na wane kaya. Kuskure ne da ake gani daga taku biyu, saboda haka na umarni ne.

Daga nan sai a koma ƙa'idar da kuka sani a ɗakin gwajin kimiyya: a canza abu ɗaya, a bar sauran yadda suke. Idan kuka canza launi da haske da salon zane a lokaci guda, hoto ya gyaru ko ya lalace, ba za ku san wanne ne ya jawo ba. Abin da ke taimakawa a nan shi ne lambar iri, wadda ake rubutawa `seed`. Ita ce ke tsayar da hargitsin ɗige-ɗigen da ake farawa da shi. Idan lambar ɗaya ce, girman hoto da sauran saiti ba su canza ba, to bambancin da kuka gani tsakanin hotuna biyu daga kalmominku ya fito. A Midjourney ana rubuta ta kamar haka, `--seed 1234`. Manhajar da ba ta ba da wannan dama kuwa, sai a dogara da kwatanta huɗu da huɗu.

Zagaye na uku, launi kawai za a gyara, ta hanyar raba jimlar:

```
three Nigerian schoolgirls planting a neem seedling in a sandy school yard. Their hijabs are white. Their uniforms are blue.
```

A ce launi ya zauna. Yanzu sai a lura kawunan 'yan matan sun kai har saman hoto, babu inda sunan mujalla zai shiga. Zagaye na huɗu, a ƙara jimla ɗaya tak:

```
The top third of the picture is empty sky.
```

Ku lura mun faɗi abin da muke so ya kasance a wurin ne, wato sararin sama. Ba mu ce kada a sa gini ko mota ba. A wasu manhajoji, da zarar kalmar mota ta shiga umarni, ko da hani ne a gabanta, motar tana iya fitowa. Abin da ba a so yana da gurbinsa daban, `--no` a Midjourney, ko akwatin `Negative prompt` a manhajojin Stable Diffusion.

Sunan mujallar kuma kada ku ce manhaja ta rubuta. Har yanzu rubutu yakan ba su wahala, balle haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda sukan mayar k da d da b ko su ƙirƙiro wata alama da babu ita. Ku bar filin, ku rubuta sunan da kanku daga baya a Canva ko Word.

Zagaye na biyar ba na gyara ba ne, na tabbatarwa ne. A bar umarnin yadda yake, a saki lambar iri, a fitar da huɗu sababbi. Idan uku cikin huɗu sun fito da 'yan mata uku, launi daidai, sama a buɗe, umarnin ya nuna. Idan ɗaya ne kawai ya yi, to sa'ar waccan lambar kuka ci, da sauran gyara. Zuwa nan an kashe kiredit 20, an ga hotuna 20.

Duk wannan, ɗaya daga cikinku ya riƙe biro da littafi: lambar zagaye, abin da aka canza, lambar iri, abin da ya fito. Ba tare da wannan ba, a zagaye na biyar za ku manta abin da ya yi aiki a na uku.

Tarkon da ke tsakanin gwaji da na ƙarshe

A nan ne mutane da yawa ke asarar kiredit. Ka samu gwajin da ya kwanta maka, sai ka ce bari in kwafi umarnin da lambar irin, in ƙara girma, in danna. Hoto ya fito tas, amma wani hoto ne daban. Wadda ke riƙe da buta ta koma hagu, wadda ke durƙushe ta miƙe.

Dalilin yana cikin abin da muka faɗa a baya. Lambar iri tana tsara hargitsin farawa ne a kan filin da aka ba ta. Da an canza girman filin, ɗige-ɗigen sun faɗi a wasu wurare, kuma daga sabon hargitsi sabon hoto ke fitowa. Haka ma idan aka sauya samfurin manhajar, ko aka tashi daga yanayin gwaji zuwa na yau da kullum, babu tabbacin za a samu hoto iri ɗaya.

Saboda haka ku tambayi kanku: umarnin muke so, ko wannan hoton takamaimai? Idan umarnin ne, kuma zagaye na biyar ya nuna yana aiki a yawancin lokuta, za ku iya fitar da sabon hoto mai inganci, ku karɓi tsarin da ya zo da shi. Idan kuwa wannan hoton kuke so, kada ku sake zanawa daga farko, ku ɗora a kansa. A Midjourney akwai `Enhance`, wanda ke sake fitar da hoton gwaji da cikakken inganci. A wasu akwai `Upscale`. A wasu kuma ana loda hoton gwajin a matsayin madogara, a ce a bi shi. Masu Stable Diffusion za su ga `img2img` da wani ma'auni mai suna `Denoising strength`, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1. Shi ke faɗa wa manhaja iyakar 'yancin da take da shi na canzawa. Wajen 0.3 zuwa 0.5 tsarin yakan tsaya, ƙananan abubuwa su gyaru. Da an haura 0.7, hoton yakan fara zama wani. Ko ta wace hanya aka bi, fuska da yatsu za su ɗan sauya, domin sai yanzu ake zana su da gaske.

Shi ya sa yana da kyau a tsaya a matakin tsakiya. A ɗauki gwaji biyu da suka fi kyau, a ɗaga su zuwa matsakaici, kiredit 8. Yanzu ne lokacin buɗa hoto da yatsu: a ƙirga yatsun hannu, a duba idanu, a ga ko hannun da ke riƙe da shukar ya haɗu da jikin mai shi, ko ganyen ya yi kama da na dogon yaro, sirara masu baki kamar zarto. Wanda ya tsallake, shi za a biya wa 15. A ware wasu 15 ɗin ko da na farko zai zo da aibi.

Mu haɗa lissafi: 20 na gwaji, 8 na matsakaici, 30 na ƙarshe, jimla 58. An rage da 42, waɗanda za su isa a yi hoton bangon baya. Wanda ya tafi kai-tsaye kuwa, gyare-gyare huɗun nan kaɗai sun cinye masa 60, a kan hoto ɗaya-ɗaya, ba tare da ya san ko sa'a ce ko umarni ba.

Sauran abu ɗaya, maɗaba'a. Don hoto ya fito da kyau a takarda, masu buga littattafai sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci. A takardar A4 wannan ya kama fiksel 2480 da 3508. Hoton da manhaja ta kira mai inganci yana iya zama 1024 da 1536 kawai, wanda a waya zai yi kyau, amma a A4 bai wuce ɗigo 125 a inci ba, sai ya fito dishi-dishi. Ku duba lambobin hotonku, idan bai kai ba a ƙara masa girma, kuma ku tambayi mai maɗaba'a abin da yake bukata tun da sauran kiredit a hannu. Siffar 2:3 ta ɗan fi A4 tsawo, za a yanke kaɗan a sama ko ƙasa, don haka kada wani abu mai muhimmanci ya zauna a bakin hoto. Ku kuma buga gwaji ɗaya a firintar makaranta kwanaki kafin a kai aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin wannan mako

Wannan ba ya bukatar waya ko data. Ku ɗauki umarnin nan: hoton kasuwar garinmu. Ku rubuta abubuwa biyar da manhaja za ta cike da kanta saboda ba a faɗa mata ba. Sannan ku raba su gida biyu, waɗanda za a gane a hoton gwaji daga taku biyu, da waɗanda sai a hoton ƙarshe. A ƙarshe ku tsara yadda za ku kashe kiredit 60 da farashin misalinmu, a kan sharaɗin a rage abin sake hoton ƙarshe sau ɗaya. Ku nuna wa malamin kwamfuta ko ku kwatanta da na abokan ajinku, ku ga wa ya fi samun gwaji da yawa.

Sai mako mai zuwa. A yi karatu lafiya.